Ba rowar dannawa ake maka ba, saƙonka ne ya yi kama da na 'yan damfara

Jama'a, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, ku zo mu gaya wa juna gaskiya kan linkin da muke watsawa a gurup-gurup.

Ina shekarar ƙarshe a mastas, kuma sufabaiza ya ce sai na kawo amsoshin mutum 200 kafin ya duba babi na huɗu. Na haɗa tambayoyina a Google Forms, na tura gurup shida na WhatsApp da wannan saƙon:

"MUHIMMI!!! Don Allah kowa ya danna ya cike yanzu yanzu, ba zai ɗauki lokaci ba. A tura wa sauran gurup. Allah ya ba da lada."

Sati guda, mutum 11 ne suka cike. Na hau fushi, ina cewa mutanenmu ba sa taimakon ɗan uwa. Sai wani abokin ɗakina ya ce: "Malam, tsakani da Allah, da wani ne ya turo maka wannan, za ka danna?" Na yi shiru. Wallahi ba zan danna ba.

Ku sake karanta saƙon. Babu sunan mai shi, babu abin da ke bayan linkin, sai gaggawa da "a tura wa wasu". Haka saƙonnin datar kyauta da tallafin gwamnati na bogi suke zuwa, ka danna a ce kawo BVN. Na kuma ƙara wa kaina matsala: na gajarta linkin da bit.ly don ya yi kyau, alhali hakan ɓoye inda zai kai mutum yake yi. Da aka yi ta tura shi hannu zuwa hannu, WhatsApp ya manna masa "Forwarded many times". Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake. Wanda ya ƙi dannawa hankali ya yi.

Ga yadda na sake rubuta shi:

"Assalamu alaikum. Sunana Abdul, ɗan mastas a sashen nazarin zamantakewa, muna sallah tare a masallacin makaranta. Ina bincike kan yadda ɗaliban Arewa ke samun ɗakin haya a wajen makaranta. Tambaya 18 ce, na gwada da agogo, minti shida take ci. Ba a tambayar suna, lambar waya, NIN ko BVN. Wanda ke zaune a ɗakin haya kawai nake nema. Zan rufe ranar Juma'a saboda zan miƙa babin. Mai tambaya ya yi min magana a wannan lambar."

Sannan linkin ya zo a ƙarshe, guda ɗaya, na forms.gle kamar yadda Google ya bayar.

Abin da ya canza ba daɗin baki ba ne. Kowace jimla abu ce da mutum zai iya bincikawa. Zai iya tambaya ko an san ni, zai iya ƙirga tambayoyin. Har cewa ba kowa nake nema ba ta taimaka, don ɗan damfara ba ya tace mutane, kowa nasa ne.

Amma dole abin da ke cikin fom ɗin ya gaskata saƙon. Na tarar na bar "Limit to 1 response" a kunne, wanda ke tilasta wa mutum shiga da asusunsa na Google. Ka ce ba ka neman suna, mutum ya danna ya ga ana neman imel da fasawod, ai ka zama maƙaryaci a idonsa. Na kashe shi, na yarda da haɗarin wani ya cike sau biyu.

Na kuma daina cewa a tura. Na nemi izinin admin na kowane gurup, na saka da hannuna, sau ɗaya, na tuna musu sau ɗaya. Kafin Juma'ar na samu 140. Sauran na bi mutane da takarda bayan sallah.

Wani zai ce, ai ɗan damfara ma zai iya rubuta irin wannan. Gaskiya ne, har Google Forms suna amfani da shi. Shi ya sa ban ce gyaran rubutu kaɗai ya isa ba. Abin da ɗan damfara ba zai iya ba shi ne ya tsaya a inda za a same shi gobe.

Don haka kafin ka tura, rufe linkin da yatsa ka karanta sauran. In mutum bai san wane ne kai, me zai tarar, da me za a tambaye shi ba, kar ka ga laifin kowa. Koma ka gyara.