Kafin ka biya kuɗin mota zuwa wajen tantance 'yan fim, duba me sanarwar ta ce

Tun da fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓu, sanarwar neman sababbin 'yan wasa ta cika WhatsApp da TikTok. Yawancinsu kalamai iri ɗaya ne: "Ana neman matasa maza da mata masu hazaƙa, a zo ranar Asabar." Shi ke nan. To ɗan'uwa, wa ake nema a nan? Kai ne, ko ƙanwarka, ko mai shekarun babanka? Sanarwar da ba ta bayyana kowane rol dalla-dalla ba, ba ta ba ka abin da za ka yanke shawara da shi ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce furodusa yana neman wadda za ta fito a yayar jarumi. Mai gaggawa zai rubuta: "Mace, kyakkyawa, 'yar shekara 25." Wanda ya san aikinsa kuwa zai rubuta: "Bazawara mai sayar da abinci a tasha, wadda za a gan ta kamar 'yar 28 zuwa 35. Ita ke biya wa ƙaninta kuɗin makaranta, tana da faɗa a baki amma tana ɓoye bashin da ake bin ta. Dole ta iya Sakkwatanci. Fitowa 14, kwana 5 na ɗauka a Kano, akwai sallama da kuɗin mota."

Ka lura da shekarun. Ba shekarun haihuwa ake nufi ba, shekarun da kyamara za ta nuna ne. Shi ya sa ake ba da tazara, domin 'yar 24 na iya dacewa, wata 'yar 30 kuma ta yi yarinta da rol ɗin. Sai batun hali. "Kyakkyawa" ba abin da za a iya wasa da shi ba ne, amma mai faɗa da ke ɓoye bashi, wannan kam ke da kanki kin san yadda za ki shirya murya da kallo kafin ki shiga gaban darakta. Sakkwatancin kuma ya riga ya sallami wadda ba ta iya ba, ta huta da tafiyar banza, masu tantancewa su ma sun huta da layin mutum ɗari.

Layin ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu, wato yawan fitowa da kwanaki da kuɗi. Idan ba ka manta ba, a 2022 hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima ta tayar da ƙura kan abin da ake biyan 'yan wasa a Kannywood, har wasu furodusoshi suka fito suna mayar da martani. Ko wane ɓangare ka goya wa baya, darasin ɗaya ne: abin da ba a rubuta tun farko ba, daga baya musu yake zama. Idan tsohuwar hannu za ta shiga irin wannan taƙaddama, ina ga kai sabon shiga? Ko aikin kyauta ne, a rubuta cewa kyauta ne, ka zo da saninka.

Furodusa zai iya cewa yana tsoron a sace masa labari. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, amma koma ka duba misalin nan. An gaya maka wace ce matar, ba a gaya maka yadda labarin zai ƙare ba. Bayanin rol daban, labari daban.

Rashin bayani kuma mafaka ce ga macuta. Wanda ba shi da rubutaccen labari a hannu ba zai iya siffanta rol ba, don babu rol ɗin. Sai ka ga ya maye gurbin da kuɗin fom, ko ya ce 'yan mata su turo hotuna ta akwatin sirri, ko a haɗu a ɗakin otal da daddare. Ki tambayi sunan kamfani da na darakta, da adireshin ofis. Idan a Kano ne, ki tambaya ko suna da rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta jiha. Sannan ki nemi a turo miki 'yar fitowar da za ki karanta ranar tantancewa. Mai aikin gaske ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Kyakkyawar sanarwa ba ta tabbatar da cewa mai ita mutumin kirki ne, don maƙaryaci ma ya iya rubutu. Saboda haka ko bayani ya cika, a je da rana, a je da ɗan rakiya, kuma a sanar da gida. Amma idan ka karanta sanarwa sau biyu ba ka gane wa ake nema ba, ajiye kuɗin motarka.