A Ɗaga Ranar Sulhu, Kada A Ɗaga Zumunci

Jama'a 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, da yawanmu mukan koma gida hutu mu tarar dattawa sun tsai da ranar sasanta wata rigima ta dangi, alhali kuwa mun san ɓangare guda ba zai samu zuwa ba. Kunya takan sa mu yi shiru. Ni a ganina shirun nan ɓarna ce. Alƙali yana iya yanke hukunci a bayan idon mutum, amma sulhu ba ya ƙulluwa sai da yardar kowa. In aka zauna da rabin dangi, waɗanda suka zo za su ɗauki rashin zuwan 'yan'uwansu a kan girman kai, su kuwa waɗancan su ce an ci su da baya.

Mu ɗauki misali. Ana jayayya a kan gonar gado a Zurmi, tsakanin 'ya'yan wani mamaci da gwaggonsu wadda ke aure a Shinkafi. Babban gida yana Ƙauran Namoda, sai ya sa zama kwana uku bayan Ƙaramar Salla. Amma mijin gwaggon ya rasu a farkon Rajab, tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta kwana a wani gida. In an ƙirga, sai wajen goma ga Zulƙida za ta fita. Ba kuma za a ce ta zo ta koma a yini guda ba, gama hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki ta sha fama da 'yan bindiga, mai hankali ba ya bin ta da yamma.

To, yaya yaro zai gaya wa dattijo haka? Abu na fari, kada ya yi ta waya, kada kuma ya yi a gaban taro. A 2021 an rufe layukan waya a Zamfara har makonni, mutane suka koma aike da baki, kuma a maganar manya har gobe aiken baki ya fi nauyi. Sai ya nemi wanda babban ke jin kunyarsa, ko limamin unguwa ko aminin marigayin, su tafi tare bayan La'asar, da ɗan goro. A yi wannan tun kafin a aika wa na nesa, kafin a sayi abin yanka, domin in dukiya ta riga ta fita, janyewa ta yi wuya.

Bayan gaisuwa ta lafa, ya dace ya ce: "Baba, Allah shi ƙara girma. Ranar da ka sa mun karɓa hannu biyu. Sai dai Gwaggo ba ta fita takaba sai Zulƙida, ga kuma halin hanya. In ka ga ya dace, ko a kai shi Babbar Salla, tun da kowa zai zo gida, ko kuwa mu mu tafi mu same ta a Shinkafi da safe. Abin da ka yanke shi za mu bi." A lura, bai ce an yi kuskure ba, ya kawo dalili guda bayyananne, ya zo da mafita biyu, sa'an nan ya bar wuƙa da nama a hannun mai su. In babban ya amince, shi ne zai sanar da sabuwar rana da bakinsa, ba ɗan aike ba.

Dattawa suna da hujjarsu, kada mu rena ta. Za su ce addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma rai ba ya jiran Salla, ga damina tana tafe, wa zai noma gonar? Gaskiya ne. Maganinsa, a yi sallama da gaisuwa tsakanin gidajen tun yanzu, a kuma danƙa gonar amana ga wani wanda duka suka yarda da shi, har ranar zama. Wasu za su ce ta aiko wakili. Wakili yana iya karɓar kaso, amma ba ya iya yafewa a madadin zuciyar da aka ɓata.

Sai dai akwai iyaka. Mai uzuri na gaskiya yakan faɗi ranar da zai iya zuwa, ya aiko da ban haƙuri. Mai zille kuwa, kullum amsarsa "sai mun gani". Saboda haka a ɗaga sau ɗaya, zuwa rana sananna da aka faɗa gaban shaidu. Wanda ya nemi a ɗaga, shi ya ɗauki wahalar sanar da kowa, har da kuɗin motar tsofaffi in yana da hali. In ranar ta zo aka sake kawo wani zance, to, dattawa sun fita haƙƙi, kowa kuma ya san inda laifi ya kwanta.

Allah ya haɗa kawunanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.