Hoton kwalba yana iya cewa “a'a”, amma ba ya iya cewa “e”

A watan Afrilun da ya wuce, da zafin bazara ya kai inda mutum ke fitowa daga wanka yana gumi, ƙanwata ta turo mini hoto daga gidanmu na Safo. Hoton wata kwalbar man shafawa ce da ta sayo jikka biyu da rabi a Maraɗi. A ƙarƙashinsa ta rubuta: “Yaya, wannan zai yi wa fuskata? Ka san maiƙo ya dame ni.” Kafin in ba ta amsa, ta riga ta tura hoton a wani zauren WhatsApp na mata, kuma mutum uku sun yanke mata hukunci cewa man ya dace. Ɗaya daga cikinsu ma ita ce mai sayar da shi.

Da waɗannan masu yanke hukunci nake rigima yau. Na yi shekaru ina tsayawa bayan kanta a wani shagon magani a Maraɗi, na karanta bayan kwalabe da yawa, kuma abin da na koya shi ne: hoton takardar da ke jikin kwalba yana iya nuna maka cewa mai bai dace da fata mai maiƙo ba, amma ba zai taɓa tabbatar maka cewa ya dace ba. Duk wanda ya kalli hoto ya ce miki “shafa kawai, babu komai”, cinikin biri a sama ya sa ki.

Abu na farko, hoton da ƙanwata ta turo gaban kwalbar ne. Akwai fuskar wata mace mai sheƙi, an rubuta “peau grasse” da manyan baƙaƙe, wato fata mai maiƙo, a gefe kuma an sa “Niacinamide”. Gaban kwalba talla ce, mai kaya ne ke yabon kayansa. Na ce ta juya ta ɗauko mini bayan, inda ƙananan rubutu suke, a cikin haske, ba tare da yatsa ya rufe layin ƙarshe ba. Ga abin da ya zo:

Aqua, Paraffinum Liquidum, Isopropyl Myristate, Glycerin, Cetearyl Alcohol, Theobroma Cacao Seed Butter, Phenoxyethanol, Parfum, Niacinamide.

Wannan jeri ba a yi shi da ka ba. Ƙa'idar da Turai da Amurka suke bi, wadda mafi yawan kamfanoni suke kwaikwaya, ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a bi da mai bi masa, har a sauko kan kashi 1 cikin 100. Daga nan zuwa ƙasa, mai kaya yana da damar jera sauran yadda ya ga dama. Ke nan sunaye biyar ko shida na farko su ne ainihin man, sauran kuma kayan yaji ne.

To mu karanta. Aqua ruwa ne. Paraffinum Liquidum mai ne da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, dangin basilin. Idan an tace shi da kyau ba ya cikin masu toshe ƙofofin fata, amma yana da nauyi, yana kwanciya a kan fuska ya hana ruwa fita. Da hunturu, ga mai fata busasshiya, alheri ne. Da bazara a Safo, ga fuskar da take naso da kanta tun hantsi, ƙarin kaya ne. Isopropyl Myristate ana sa shi don mai ya yi santsi ya shige da sauri, kuma yana cikin waɗanda aka fi zargi da haddasa ƙuraje. Theobroma Cacao Seed Butter man koko ne, shi ma mai kauri, shi ma abin zargi. Glycerin ba shi da laifi, laima yake jawo wa fata. Cetearyl Alcohol kuwa sunansa ne kawai ke tsorata mutane: ba irin wanda ke busar da fata ba ne, abu ne mai kamar kakin zuma da ke haɗa ruwa da mai. Mai busarwar shi ne wanda ake rubutawa Alcohol Denat.

Sai Niacinamide ɗin da aka yi talla da shi. Gaskiya ne yana taimakawa wajen rage maiƙo, amma a gwaje-gwajen da aka yi, yawanci kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ake sawa. Ku duba inda yake a jerin: bayan Phenoxyethanol. Shi wannan maganin hana mai lalacewa ne, kuma dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 1 ba. Duk abin da ya biyo bayansa, ke nan, da wuya ya wuce kashi 1. An ɗiga shi ne kawai don a samu abin rubutawa a gaba. Na ce wa ƙanwata ta mayar da shi man ƙafa da hannu, ta ajiye shi sai hunturu, amma kada ya hau fuskarta. Wannan “a'a” ce da hoto ya isa ya bayar, kuma na tsaya a kanta.

Yanzu mu ɗauka jerin ya zo da kyau: ruwa, Glycerin, Niacinamide a sama-sama, Dimethicone, ko Salicylic Acid mai shiga ƙofofin fata ya narkar da maiƙo, babu mai mai nauyi ko ɗaya. Zan ce mata ya dace? Ba zan ce ba, kuma dalilaina uku ne.

Na farko, ita kanta maganar cewa wani sinadari yana toshe fata ba wahayi ba ce. Tun 1972 masu binciken fata biyu a Amurka, Kligman da Mills, suka bayyana ƙurajen da kayan kwalliya ke jawowa, kuma gwajin da aka daɗe ana dogaro da shi a kunnen zomo ake yinsa. Ana shafa sinadarin, sau da yawa tsantsarsa, a cikin kunnen, a ga ko ya toshe. Kunnen zomo ya fi fuskar mutum saurin toshewa, kuma abin da ya yi ɓarna yana tsantsa ba lallai ya yi ba idan ɗan kaɗan ne a cikin haɗi. Shi ya sa jerin lambobin da ke yawo a waya, daga 0 zuwa 5, nake ɗaukar su gargaɗi kawai. Haka rubutun “non comédogène” da kuke gani: babu wani ma'auni guda da doka ta ɗora wa kowa kafin ya rubuta shi.

Na biyu, hoto ba ya nuna fuskar mai tambaya. Da yawa daga masu cewa suna da maiƙo, gumi ne ke damunsu, ko kuma mai mai kauri da suke shafawa ne yake narkewa a rana. Gane wa kai abu ne mai sauƙi. A wanke fuska da sabulu mai laushi, kada a shafa komai, a zauna a inuwa kamar awa ɗaya, sannan a danna siririyar takarda a goshi da hanci da kumatu. Gumi yana jiƙa takarda ya bushe ya ɓace. Maiƙo yana barin tabo irin na takardar da aka naɗe ƙosai. Idan goshi da hanci ne kawai suka bar tabo, kumatu ba su bari ba, ai ba mai iri ɗaya duk fuskar take so ba. Wane hoton kwalba ne zai faɗa miki wannan?

Na uku shi ne mafi girma, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Takarda tana faɗin abin da mai kaya ya ga damar faɗa ne. Kayan da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Issa, akwai na kirki a ciki, akwai jabu da aka buga musu takarda irin ta asali, akwai kuma “haɗi” da ake dama shi a ɗaki a ɗura a robar wani mai. Abubuwan da suka fi cutarwa a man bilicin, wato Clobetasol, Betamethasone, Hydroquinone da sinadarin makuri, su ne aka fi ɓoyewa. Turai ta hana Hydroquinone a man shafawa tun 2001, Kodebuwa kuma ta haramta mayukan bilicin masu irin waɗannan abubuwa a 2015. Wanda ya san kayansa haramtacce ne, zai rubuta sunansa a bayan kwalba don ki ɗauki hoto?

Na ga wata yarinya a unguwarmu da aka duba wa hoto aka ce manta “na ganye ne zalla”. Jerin kuwa fes yake, ni ma da na gani ban sami abin kushewa ba. Mako biyu fuskarta ta yi haske, ƙurajenta suka kwanta, kowa na yabo. Kyan ɗan maciji ne. Bayan 'yan watanni sai ƙuraje suka feso mata a goshi da kumatu har ƙirji, duk girmansu ɗaya kamar an auna, fatar ta yi siriri ana hango jijiyoyi. Idan ta daina shafawa kwana uku, fuskar ta yi ja ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, sai ta koma. Ban kai man ɗakin gwaji ba, amma waɗannan alamomi ne da aka sani na maganin kumburi mai ƙarfi irin Clobetasol. Ƙurajen maiƙo na yau da kullum ba haka suke ba: girmansu ya bambanta, kuma akwai masu baƙin kai a cikinsu. Wadda ta kai wannan hali ta je ta ga likita, don yanke irin wannan mai farat ɗaya yana tayar da fuskar, kuma da shawararsa ake janye shi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce likitan fata ba a bakin ƙofa yake ba, kuma matan da ke amsa tambaya a zaure taimako suke yi. Ban musa ba, ni ma ai hoto aka turo mini na amsa. Ban ce a daina tura hoto ba. Abin da nake cewa, mai amsa ya san iyakarsa. Ya ce a turo bayan kwalba. Ya karanta sunaye shida na farko. Idan ya ga mai mai nauyi a cikinsu, ya ce a'a. Idan babu jerin ma gaba ɗaya, ko babu sunan kamfani da ranar lalacewa, ko an yi alkawarin haske cikin kwana bakwai, ya ce a'a da babbar murya. Idan kuwa bai ga laifi ba, iyakar abin da ya halatta ya faɗa shi ne: “Ban ga abin hanawa a rubuce ba, ki gwada.”

Gwajin ma da tsarinsa. A shafa a gefe ɗaya na muƙamuƙi kawai, sau ɗaya a rana, kada a haɗa da wani sabon mai ko sabulu. Ƙaiƙayi da ja suna fitowa cikin 'yan kwanaki, amma toshewar fata tana ɗaukar makonni, don haka sai an yi haƙurin wata guda ana kwatanta gefen da ɗayan. Idan wurin ya yi haske fiye da sauran fuska a mako na biyu, wannan ba nasara ba ce, dalili ne na ajiye kwalbar.

Mai sayar da man nan ta aiko wa ƙanwata saƙo cewa yayanta ya cika tsanani, ai mata da yawa sun shafa ba abin da ya same su. Wataƙila haka ne. Amma ita jikka biyu da rabi ta karɓa ta wuce, ƙanwata kuwa da fuskar nan za ta fita gobe.