Barka da Sallah: hoton rago ba ya neman gafara

Tun kafin a sauko daga idi, wayoyin jama'a a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kan cika da saƙo iri ɗaya: hoton rago ko jinjirin wata, da doguwar addu'a wadda mai aikowa ma bai karanta ba. Mutum ɗaya kan samu hoton nan sau goma kafin azahar. A ƙasar Hausa kuwa, gaisuwar Sallah aiki biyu take yi: sada zumunci da yafe wa juna. Saƙon da aka turo daga hannun wani ba ya iya ko ɗaya daga ciki.

Ita kanta manhajar tana tona asirin mai turawa. Tun shekarar 2018 WhatsApp ke liƙa alamar "Transféré" a kan saƙon da aka turo daga wata hira, kuma wanda ya bi hannaye da yawa yana ɗauke da kibiya biyu. Maƙwabcin da ya ga wannan alama ya san ba a tuna da shi ba, sunansa kawai aka taras a jeri. Masu amfani da "liste de diffusion" don ɓoye alamar suna da tasu matsalar: saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarsu a wayarsa. Ɗan ci-ranin da ya canza lamba zai ɗauka ya gaida unguwa duka, alhali rabin gidajen ba su ga komai ba.

A ɗauki misalin matashi ɗan Maraɗi da ke aiki a Abijan, mahaifiyarsa tana gida. Maƙwabcinsu dattijo ne ke sa a yanka mata layya, ƴaƴansa ke kai wa dangi rabon nama. Aika wa irin wannan mutum hoton rago ƙarancin ladabi ne. Abin da ya dace shi ne saƙon murya na rabin minti, domin dattawa da yawa ba sa karatun boko: "Salamu alaikum Baba, barka da Sallah. Ɗanka ne daga Abijan. Inna ta faɗa mini ɗawainiyar da kuka yi da ita, Allah Ya saka da alheri. Yaya ƙafar, da sauƙi? Na daɗe ban kira ba, a yafe mini. A gaida Hajiya da yara."

Abu huɗu ne a cikin wannan saƙo: kiran mutum da sunan girmamawar da aka saba, ambaton abu guda da ya shafe shi shi kaɗai, tambayar da za ta sa ya amsa, sannan neman gafara a kan laifi takamaimai. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan za a iya aika saƙon ga wani dabam ba tare da an canza kalma ba, to har yanzu saƙon gama-gari ne.

Abokin aiki ba ya buƙatar tsawon haka. Layi biyu sun isa: barka da Sallah, godiya a kan ranar da ya riƙe aiki lokacin jinyar yaro, da neman afuwa idan an yi cacar baki. Sai dai kada a haɗa gaisuwa da tunin bashi ko neman alfarma, domin daga nan ta zama sharar fage. Abokin aiki Kirista ma yana da haƙƙin irin wannan saƙo ranar Kirsimeti.

Saƙon gama-gari yana iya cutarwa. Gidan da aka yi rasuwa a cikin shekarar, wannan ce Sallarsu ta farko babu mamacin. Hoton da ke fatan "shagali lafiya" fami yake yi musu, alhali addu'a ga wanda ya rasu suke son ji.

Masu cewa babu lokaci suna da hujja, domin ba wanda zai rubuta wa mutum ɗari uku ɗaya bayan ɗaya. Hoton na iya zama a kan "Statut" ko cikin rukunin tsofaffin ƴan makaranta. Amma maƙwabta da abokan aikin da ake cuɗanya da su kullum da wuya su wuce goma sha biyar, kuma minti biyu ga kowane ɗaya rabin awa ke nan.

Maƙwabcin da katanga kaɗai ta raba shi da mutum kuwa, ko saƙon murya ya yi masa kaɗan. Shi ƙofarsa ake zuwa a yi sallama, da ƙwaryar nama a hannu.