Zaman dutse bisa zobe: katanga, akaifa da fabe

Tsakanin otel Gaweye da gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, tafiya ce ta ƴan mintoci. A nan maƙeran azurfa ke baje zobba, masu saye kuwa na tambayar nauyin ƙarfe da sunan dutse. Da wuya a ji mai tambayar yadda aka zaunar da dutsen, alhali nan ne zobe ke daɗewa ko ya lalace.

Dutse ba ya cika fashewa daga fuska. Rauninsa na gefe, inda ya fi siranta. Lu'ulu'u ma, da ke bisa matsayi na 10 a ma'aunin tauri na Mohs, yana ɓantarewa in gefensa ya bugi ƙarfe. Saboda haka kowane salo ana auna shi da abin da ya yi wa gefen.

Salon da maƙeran Buzaye suka fi ƙwarewa da shi shi ne na katanga, wanda ake kira sarti kulo da Faransanci. A ɗauki aƙiƙi ja mai siffar ƙwai, tsawo milimita 16, faɗi 12, bayansa shimfiɗe, fuskarsa da tudu. Maƙeri zai yanko siririn ɓallin azurfa mai kaurin kusan rabin milimita, tsawonsa wajen milimita 45, ya naɗa shi kewaye da dutsen, ya haɗe bakin da wuta, sa'annan ya liƙa shi bisa faifan zoben. Sai an gama duk aikin wuta dutsen ke shiga, don zafi na tsaga aƙiƙi. Daga nan a danna katangar bisa dutsen kaɗan-kaɗan: gabas sai yamma, kudu sai arewa. Wanda ya bi da'ira a jere zai tara azurfar wuri guda ta yamutse.

Gwaninta na cikin tsayin katangar. Ana so ta wuce inda dutsen ya fara lanƙwasa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na tudunsa. In ta fi haka sai ta haɗiye dutsen. In ta gaza, babu abin da za ta riƙe, kuma a nan ne maƙeri mai gaggawa ke cike giɓin da gam. Gam kuwa ba ya jure ruwan wanki da zafin watan Afrilu na Yamai. Gane shi ba wuya: a bi bakin katangar da akaifa. In akaifar ta shiga tsakani, ko aka girgiza zoben kusa da kunne aka ji ƙas-ƙas, dutsen bai zauna ba.

Katanga tana da nata aibi. Tana rufe bayan dutse, ta yadda jar kwalba da aka shimfiɗa wa takarda mai walƙiya za ta iya shiga ciniki da sunan aƙiƙi. Kwalba na bisa wajen 5,5, aƙiƙi kusan 7, yashin da ke cikin ƙurar hunturu shi ma 7: cikin ƴan shekaru fuskar kwalbar za ta dushe, katanga kuwa ba ta kare fuska.

Salon akaifa, wato girif, ya ɗaga dutse sama don haske ya shige shi ta ko'ina. Gidan Tifani na Amirka ne ya shahara da mai akaifa shida a 1886. Yana da kyau ga ido, amma gefen dutsen na waje tsirara. Akaifun na kama leshi da zaren mayafi, kowane kamu kuma na ɗan buɗe su. Mai shida in ɗaya ta karye, sauran na riƙe dutsen har a kai gyara. Mai huɗu in ta rasa ɗaya, dutsen na hanyar faɗuwa. Azurfa ta fi zinariya mai karat 18 taushi, shi ya sa siririyar akaifar azurfa ba abin dogara ba ce ga hannun da ke daka da wanki. Alamar lokacin gyara ita ce kan akaifa ya baje, ko zoben ya fara tsinko zare.

Fabe sunansa daga shimfiɗar duwatsun titi ne: ƙananan duwatsu na milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, jere kusa da juna, kowane riƙe da ƴan ƙwayoyin ƙarfe da ba su kai gero ba. Ba su da tudun da za a buga, amma ƙwayoyin na cinyewa da guga. Babban haɗarinsu ƙarin faɗi ne. Amaryar da aka sayo wa zoben fabe daga Dubai, yatsarta ta yi ƙiba bayan haihuwa, ta kai a buɗa shi: da maƙeri ya miƙe da'irar, ramukan sun sake siffa, duwatsun su riƙa zuba ɗaya-ɗaya. In jerin ya tsaya rabin zoben, ana iya ƙara ɗan faɗi daga ƙasa. In ya kewaye shi duka, sai dai a mayar da shi ga ƙaramar yatsa.