"Wuta awa 24": yadda ake gyara bayanin hidimar kamfani ba tare da zuzutawa ba

Kamfanonin da ke haɗa wutar sola a Kano da Kaduna sun yawaita, kuma duk wanda ya karanta bayanin da suke rubutawa game da hidimarsu zai ga kusan magana ɗaya ce ake ta maimaitawa. Kowa shi ne na ɗaya a Arewa, kowa kayansa su ne mafi inganci, kowa kuma yana alkawarin wuta awa 24 ba ɗaukewa. Ra'ayina shi ne irin wannan rubutu ba ya jawo mai saye, kuma idan ma ya jawo shi, rigima ce ke biyo baya. Abin da ke jan hankalin mai kuɗi a hannu shi ne maganar da zai iya gwadawa ya ga ta tabbata, ko da ba ta kai ta maƙwabcin shago armashi ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani kamfani ya rubuta kamar haka: "Mu ne jagaba a harkar sola a faɗin Arewa. Da kayanmu masu inganci na zamani, za ka yi bankwana da duhu har abada. Wuta awa 24, garanti na shekara 25, farashi mai rahusa." Rubutun yana da daɗin ji, ba musu. Amma ka sa kanka a matsayin magidancin da ya gaji da sayen man janareta, yana shirin fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Tambayoyin da ke ransa 'yan kaɗan ne: me wannan abu zai ɗauka a gidana, awa nawa zai yi da dare, idan ya lalace wa zan kira, kuma nawa zan biya. Babu ɗaya daga ciki da waccan magana ta amsa. Dole sai ya buga waya ya tambaya, kuma da yawa ba za su buga ba, za su wuce wurin wanda ya yi musu bayani.

Gyaran ba daga kalmomi yake farawa ba, daga wurin injiniyan kamfanin yake farawa. Mai rubutu ya zauna da wanda ke hawa rufin gidajen mutane, ya tambaye shi abin da kayan ke iya yi a zahiri. A ce tsarin da kamfanin ya fi sayarwa yana da batirin litiyom mai ɗaukar kilowat-awa 5. Ba duka ake amfana da shi ba, domin ba a barin batir ya ƙare ƙarƙaf, kuma inbata tana cin nata kason yayin da take juya wutar. Abin da ya rage a hannu bai wuce kilowat-awa 4 ba, ko kusa da haka. To, a lissafa kayan gida matsakaici: firji mai cin wat 150, fanka huɗu kowace wat 70, ƙwan fitila goma kowane wat 10, da talabijin mai wat 80. Jimla wat 610 ke nan. Idan aka raba wat-awa 4,000 da 610, za a samu awa shida da rabi. Firji ba ya aiki babu tsayawa, yana hutawa lokaci-lokaci, saboda haka a aikace lokacin kan ɗan zarce haka. Wannan rarar a bar wa mai saye ya same ta da kansa, kada a sa ta cikin alkawari.

Yanzu a ƙara na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya mai cin kimanin wat 1,200. Nauyin ya koma wat 1,810, batirin kuma zai ƙare cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ga inda "wuta awa 24" ke zama abin faɗa. Mutumin da ya karanta waccan magana, ya kunna na'urar sanyaya ɗakinsa cikin zafin watan Afrilu da ƙarfe goma na dare, wuta ta ɗauke masa jim kaɗan bayan sha biyu, ba zai ce ya yi kuskuren lissafi ba. Cewa zai yi an cuce shi, kuma zai faɗa wa kowa a majalisarsu. Kayan lafiyarsu ƙalau, aikin ma an yi shi daidai. Rubutun ne ya sayar masa da abin da ba a kawo masa ba.

Da waɗannan alƙaluma a hannu, ga yadda zan so a sake rubuta bayanin: "Muna haɗa wutar sola a gidaje da ƙananan shaguna a Kano da kewaye. Tsarinmu matsakaici, mai batirin kilowat-awa 5, yana riƙe firji ɗaya, fanka huɗu, fitilu goma da talabijin na kimanin awa shida bayan faɗuwar rana. Ba a yi shi domin ya riƙe na'urar sanyaya ɗaki da dare ba. Idan kana buƙatar hakan, za mu auna maka tsari mai batir biyu ko fiye. Kafin mu yanke farashi muna zuwa gidanka mu lissafa kayan wutarka." Ba ko'ina aka yabi kamfanin ba, amma mai karatu ya ga gidansa a ciki. Zai iya ƙirga fankokinsa ya san ko tsarin ya dace da shi. Jimlar da ta ambaci abin da tsarin ba ya yi ita ce, a ganina, mafi daraja a duk sakin layin, domin ita ce ke sa mutum ya yarda da sauran.

Maganar garanti ta fi kowace wuyar sha'ani, saboda a nan ba ƙarya ake yi tsagwaronta ba, gaskiya ce ake yanko rabinta. Shekara 25 ɗin da ake ambata galibi ta masana'antar da ta ƙera farantan sola ce, kuma alkawari ne cewa farantan za su ci gaba da ba da mafi yawan ƙarfinsu, kamar kashi 80 cikin ɗari ko sama, zuwa ƙarshen wannan wa'adi. Ba ta shafi batir ba, ba ta shafi inbata ba, kuma waɗannan biyun su ne suka fi saurin ba da matsala, garantinsu ma ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Idan aka rubuta "garanti na shekara 25" ba tare da an fayyace ba, mai saye zai ɗauka komai da komai ne. Gyaran shi ne a rarrabe: faranti shekara kaza daga masana'anta, batir shekara kaza, inbata shekara kaza, aikin hannunmu kuma wata kaza, sannan a faɗi wanda ke biyan kuɗin zuwan injiniya idan an kira shi. Haka nan yana da kyau a sa jimla ɗaya a kan hunturu, cewa ƙurar da ke kwanciya a kan faranti tana rage wutar da yake samarwa, don haka sai ana gogewa. Duk wanda ya zauna a Arewa ya san hazon Disamba da Janairu. Ɓoye wannan ba wayo ba ne.

Akwai hujjar da 'yan kasuwa ke kawowa, kuma ba ta raini ba ce. Suna cewa idan kowa a layi yana ihun awa 24, kai kuma ka rubuta awa shida, to ka kayar da kanka da hannunka, domin mai saye zai ga lamba babba da ƙarama ya zaɓi babba. Gaskiya ne za a rasa wasu. Sai dai a duba waɗanda ake rasawa: su ne masu zuwa da tsammanin da babu kayan da za su cika shi a kan wannan kuɗi, kuma su ne za su cika wayar kamfani da ƙorafi bayan wata biyu. Ban da haka, sola ta daɗe a gari yanzu. Da wuya ka samu wanda bai san wani ɗan'uwa ko aboki da batirinsa ya mutu kafin lokacin da aka faɗa masa ba. Mai saye na yau yana karanta "awa 24" da shakka a ransa, yana karanta "awa shida da firji da fanka huɗu" kuma ya ji kamar yana magana da wanda ya san aikinsa.

Wasu kuma na cewa ai kirari al'adarmu ce, kowa ya san mai talla yana ƙara gishiri, babu wanda ke ɗaukar maganarsa a zahirinta. A bakin kasuwa haka ne, domin mai saye yana riƙe da kayan a hannunsa, yana juyawa, yana tayawa. Rubutaccen bayani daban yake. Yana nan bayan an biya kuɗi, ana iya ɗaukar hotonsa a ajiye, ana iya kai shi gaban hukuma. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta wa mai sayarwa yin bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya ko hidima, kuma tun 2022 hukumar ARCON ce ke sa ido a kan tallace-tallace a Najeriya, bayan ta maye gurbin APCON. Tun kafin waɗannan dokoki ma, malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani a hajarsa, suka ba mai saye damar mayar da ita idan an ɓoye masa.

Hanyar tace rubutu irin wannan mai sauƙi ce. A bi shi jimla bayan jimla, a tsaya a kan kowace siffa a tambaya: idan mai saye ya ce a nuna masa hujja, me za a nuna? "Na ɗaya a Arewa" ba shi da hujja sai in akwai wanda ya auna ya bayyana, don haka a cire. "Ƙwararrun ma'aikata" a maye gurbinsa da abin da za a iya nunawa, kamar shekarar da kamfanin ya fara aiki, ko yawan gidajen da ya haɗa wa wuta, muddin adadin daga littafin kamfani aka ɗauko shi ba daga ka ba. "Farashi mai rahusa" ko dai a sa farashin farawa tare da watan da aka rubuta shi, tunda kayan sola daga waje suke zuwa kuma farashinsu na bin canjin dala, ko kuma a faɗi yadda ake yanke shi. Lambar rajistar kamfani ta CAC da adireshin ofis da mutum zai iya takawa ya je sun fi kowace kalmar yabo kwantar da hankali.

Gwaji na biyu shi ne a goge sunan kamfanin a sa na abokin hamayya. Idan bayanin ya zauna daram a kansa shi ma, to ba a faɗi komai game da wannan kamfani ba. Bayanin farko da muka kawo zai dace da kowane shagon sola daga Sabon Gari zuwa Kantin Kwari. Na biyun kuwa sai wanda ke sayar da wannan tsari kuma yake zuwa gida ya auna.

Kafin a fitar da rubutun, a miƙa shi ga mutum biyu. Na farko injiniyan da zai yi aikin, ya tabbatar cewa zai iya tsayawa a gidan mai saye ya kare kowace lamba da ke ciki. Na biyu wanda ke amsa wayar ƙorafi, domin shi ya san tambayoyin da mutane ke yawan yi bayan sun biya, kuma duk tambayar da ta maimaitu a wurinsa alama ce ta wata jimla da ya kamata a ƙara a cikin bayanin.