ZAMAN IYALI: “Baba, Saya Mini Irin Wannan”

Kaka ta kusa. Daga Bebeji har Doguwa masara ta yi goyo, shinkafar Tudun Wada ta fara nuna, yara kuwa sun san cewa idan amfanin gona ya shigo gida, kuɗi ma sun shigo. Daga yanzu har Kirsimeti magana ɗaya za mu riƙa ji safe da yamma: “Baba, saya mini.” “Mama, ki ce wa Baba ya saya mini.”

Da muna yara, abin da muke kwaɗayi shi ne abin da muka gani a hannun ɗan maƙwabci, watau motar kara, ko gare, ko ’yar tsana. Duk wanda ya iya fere kara da wuƙa yana iya yin tasa. Yanzu kuwa yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba yana ganin motar da ake tuƙawa daga nesa, a talabijin ɗin gidan kallo ko a wayar yayansa. Yana ganinta sau goma a rana, da kiɗa, da yara masu dariya.

Kafin mu ce yaron nan ya cika fitina, ya kamata mu san abin da yake gani. Masu binciken halin yara sun daɗe da gano cewa yaron da bai kai shekara 4 ko 5 ba, bai cika rarrabe talla da sauran shiri ba. Har wajen shekara 7 ko 8 kuma yawancin yara ba su gane cewa mai talla so yake ya sayar ba. A wurinsu labari ne na gaskiya ake ba su. Saboda haka ne jihar Kwibek ta ƙasar Kanada ta hana tallan da aka nufi yara ’yan ƙasa da shekara 13 da shi tun 1980, ƙasar Suwidin kuma ta hana irinsa a talabijin ga ’yan ƙasa da shekara 12 tun 1991. Na waya ya fi wuyar ganewa, gama sau da yawa ba ya kama da talla ko kaɗan. Wani yaro ne kawai ake nunawa yana buɗe kwali yana murna, alhali kuwa wataƙila an biya iyayensa.

Nacin ma ba a banza yake zuwa ba. A 1998 wani kamfanin talla a Amirka ya yi bincike musamman a kan nacin yara. Ba don a taimaki iyaye aka yi shi ba, sai don masu kaya su san irin nacin da ya fi sa iyaye su buɗe aljihu. Idan ɗanka ya dame ka, to, ka sani akwai manya masu albashi da suka zauna suka shirya haka.

Amma abin da ya fi ƙarfafa naci a cikin gida yake, kuma mu iyaye ne muke yinsa. Yaro ya roƙa, mun ce a’a. Ya sake, mun ce a’a. A karo na tara mun gaji, ko kuwa akwai baƙi muna jin kunya, sai muka ce, “To, karɓi, ka ƙyale ni.” Mu muna tsammani mun sayi zaman lafiya. Shi kuwa yaron ya koyi lissafi: a’a takwas ba kome ba ne, na tara shi ne na gaske. Gobe zai yi tara, idan bai samu ba ya yi goma sha biyar. Wani masani mai suna B. F. Skinner ya nuna wannan da tantabaru. Tantabarar da ake ba ta tsaba duk lokacin da ta yi tsatstsaga, idan aka daina ba ta, ba ta daɗewa take haƙura. Wadda kuwa ake ba ta jefi-jefi, ba ta san lokacin ba, takan ci gaba da tsatstsaga na dogon lokaci bayan tsabar ta ƙare. Duk mai kaji ya san haka. Kazar da ake kora yau, gobe a watsa mata hatsi a bakin ɗaki, ba ta barin bakin ɗakin nan.

Bari mu ba da labarin wani gida da muka sani a ƙasar Kiru. Suna da yaro ɗan shekara 7 wanda ya ga motar batir a wayar kawunsa. Wajen mako uku ba shi da wata magana. Uban yakan ce, “Sai na je Kano.” Ya je Kano sau biyu ya dawo hannu rabbana. Uwar takan ce, “Sai gobe.” Lura fa, babu wanda ya ce masa a’a, babu kuma wanda ya ce masa i. “Sai gobe” ita ce amsa mafi muni, domin tana gaya wa yaro ya sake tambaya gobe. Ban da haka tana koya masa cewa maganar uba ba abin dogara ba ce.

Da abin ya ishe su, sai miji da mata suka zauna da dare bayan yara sun kwanta, suka tsai da magana ɗaya. Wannan shi ne mataki na fari, gama idan uba ya hana uwa ta bayar a ɓoye, an koma gidan jiya. Uban ya riga ya tambayi kuɗin motar a kasuwar Sabon Gari. Farashi yana canzawa kullum, amma a ce naira 12,000 ne, kwanon masara kuma a ce naira 1,200.

Da safe uban bai ce “naira dubu goma sha biyu” ba, domin ga ɗan shekara 7 dubu biyu da dubu goma sha biyu duk ɗaya ne. Ya kira yaron bakin rumbu, ya ba shi kwano, ya ce ya auna masara kwano goma a kan tabarma. Yaron ya auna, ya yi gumi. Uban ya ce, “Ka ga wannan? Rubu’in buhu ke nan. Tuwon darenmu ne na kwana goma, da kai da ƙannenka. Kuɗin motar ke nan. Na san kana sonta, kyakkyawa ce kuwa. Amma ba zan sayar da wannan in saya ba.”

Muna so a lura da kalmomin nan. Bai ce “ba ni da kuɗi” ba. Yaro yana ganin ranar da aka sayar da buhu, zai ce, “Ai yanzu kana da su.” Ya ce ba zai saya ba, ya faɗi dalili sau ɗaya. Bai kuma zagi abin da yaron ke so ba. Son abu ba laifi ba ne. Mu ma muna kallon babur ɗin wani a bakin hanya.

Sa’an nan ya buɗe masa wata ƙofa. Ya sayo asusu na yumɓu. Yaron yakan sami wajen naira 200 a mako daga abin da baƙi da kakanni suke ba shi. Uban ya ce duk 200 da ya jefa, shi ma zai jefa 200. Mako 15 ya rage kafin Kirsimeti. Uwar ta ja layi 15 da gawayi a bangon ɗaki, kowace Lahadi bayan an taso daga sujada yaron ya jefa kuɗi ya share layi ɗaya. Naira 400 sau 15 ya zama naira 6,000, watau rabin kuɗin motar. Sun gaya masa haka tun daga farko, ba su ruɗe shi ba: ranar da aka fasa asusu, ko ya sayi abin da kuɗin suka kai, ko ya ci gaba da tari.

Kada wani ya yi tsammani daga ranar nan gida ya yi shiru. Makon farko ya fi na da muni. Yaron ya yi kuka, ya yi birgima, ya ƙi tuwo dare ɗaya. Haka abin yake, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Idan dabarar da yaro ya saba da ita ta daina aiki, yakan ƙara mata ƙarfi tukuna kafin ya bari. Wanda ya bayar a wannan gaɓa ya koya wa ɗansa cewa birgima ta fi roƙo. Duk lokacin da yaron ya tayar da maganar, uwar takan ce, “Ka riga ka ji amsa. Je ka duba layinka.” Ba faɗa, ba sabon bayani, ba bulala. Bulala tana iya rufe baki a gabanka, amma yaron zai kai kukansa wurin kaka, ko ya fara duba aljihun rigar da aka rataye. Wajen kwana goma tambayar ta ragu, ta koma sau ɗaya a kwana biyu ko uku. Alamar ke nan cewa abin yana tafiya daidai. Idan bayan mako uku naci bai ragu ba, a bincika, galibi akwai wani a gidan da yake cewa, “Bari, ni zan saya maka.” A wannan gida kawun ne. Uban ya same shi a gefe ya ce, “Don Allah, idan za ka yi masa alheri, jefa a asusu. Wayar nan kuma a rage ba shi shi kaɗai.”

Uwar ta yi wani abu da muke ganin ya dace da yaro mai shekara 7 zuwa sama. Ta zauna da shi suka kalli tallan tare, tana tambayarsa: “Wa ya biya aka nuna wannan? Ƙasan da motar ke gudu a kai, irin ta tsakar gidanmu ce? Ka ga inda suka nuna batir ya ƙare?” Ga ƙanensa ɗan shekara 3 wannan ba shi da amfani. Shi sai a kawar da wayar, a ba shi wani abu ya yi wasa.

Maganar batir ta tuna mana wani abu. Waɗansu kayan wasa suna da ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga ko zai fita. Kafin a saya, a duba ko murfin batir ɗin yana ɗaure da noti.

Ranar da layi ya ƙare, aka fasa asusu. An sami naira 6,500, gama kawun ya jefa 500. Uban ya cika alkawari, ya tafi da yaron Kano. Mai shago ya fito da motar. Tsawonta bai kai taki ɗaya ba, ba ta zo da batir ba, sai an sayi huɗu dabam. Yaron ya jujjuya ta a hannu, ya tambayi uban ko ita ce ta cikin waya. Uban ya ce ita ce, bai ƙara kome ba, ko da yake bakinsa yana ƙaiƙayi.

Yaron ya daɗe a tsaye. Daga baya ya sayi ƙwallo ta naira 4,000, ya ce a saya masa sabon asusu, domin har yanzu yana son motar. An sayo, ya zuba sauran kuɗin a ciki. Da muka je gidan bayan sabuwar shekara, mun tarar da sababbin layukan gawayi a bango, an share uku.